Yadda Ake Haɗa Gaisuwar Baki da ta Jiki Idan Ka Shiga Zaman Manya a Legas

Wannan bayani na saurayin da bai daɗe da sauka Legas ba ne, wanda aka aika ko ya kai kansa wurin dattawan Hausawa a Agege, ko Idi-Araba, ko Obalende, ko Alaba Rago, ya tarar da su zaune tare da mutanen da ba Hausawa ba. Kalmomin gaisuwa ba su cika ba irin wannan yaro wahala ba, domin da su ya tashi. Inda ake samun tangarɗa shi ne abin da hannu da kai da gwiwa suke yi yayin da baki yake magana, saboda a rumfa ɗaya za ka iya samun dattijon da yake jiran ka durƙusa, da malamin da zai hana ka durƙusawa, da Bayarabiyar da take ganin duk yaron da bai rusuna ba bai samu tarbiyya ba. Na daɗe ina raka sababbin zuwa irin waɗannan wurare, kuma ƙa'idar da nake ba su guda ɗaya ce: babba ne yake zaɓen irin gaisuwar da za a yi, kai kuwa aikinka shi ne ka isa gabansa a shirye don kowace ya zaɓa.

Abin da za ka tanada kafin ka isa

Abu na farko shi ne hannun dama wanda babu komai a cikinsa. Waya, da leda, da makullin babur, duk ka mayar da su hannun hagu ko aljihu tun kana nesa, domin musayar kaya daga hannu zuwa hannu a gaban dattijon da ya riga ya miƙo nasa yana sa shi jira, kuma babba ba ya jiran yaro. Na biyu, ka riƙe hankici. Zafin Legas mai gumi ne, wanda ya sauko daga motar haya ta danfo kuwa tafinsa a jiƙe yake, sai ka goge shi kafin ka karyo kwana, ba a gaban mutane ba. Idan babu hankici, gefen riga ta ciki ya wadatar, muddin ba a gan ka kana yi ba.

Na uku, takalmin da yake fita da sauƙi. Idan ka san tabarma ko darduma za ka tarar, kada ka sa mai igiya. Sai ka cire baƙin tabarau, ka zare abin sauraren waya daga kunne, amma ka bar hularka a kanka, domin a wurinmu zuwa gaban manya da hula shi ne cikar shiga. Abu na ƙarshe, wanda ya fi sauran amfani, shi ne ka tambayi wanda ya aike ka ko wanene babba a wurin, da kuma yadda ake kiransa: Alhaji ne, ko Malam, ko Sarki, ko Baba kawai. Idan ba ka samu wanda za ka tambaya ba, mataki na ɗaya zai fitar da kai.

1. Ka karanta wurin kafin a gan ka

Ka rage sauri tun da sauran taku goma, ka duba yadda aka zauna. Babba yakan zauna a kan kujera ko buzu ko darduma tasa shi kaɗai, bayansa a jikin bango, fuskokin sauran kuma suna kallonsa. Ka duba ko akwai takalma a jere a bakin shimfiɗa, domin nan ne iyakar da naka zai tsaya. Idan akwai wanda ya riga ka isa yana gaisuwa, ka dakata ka ga yadda ya yi da yadda aka karɓe shi, tun da daga na gaba ake gane zurfin ruwa. Ka lura ko babban ya miƙa masa hannu, ko kuwa ya amsa da baki da gyaɗa kai kawai.

Ka kuma lura da abin da ake ciki. Idan ana cin abinci, ko ana ƙirga kuɗi, ko wani yana salla, ko malam yana tsakiyar karatu, to babu musafaha a lokacin. Ka yi sallama a hankali, ka samu gefe ka zauna har a gama.

2. Sallama daga tsaye, da murya

Sallama ta mai isowa ce. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya tsara ta: wanda yake kan abin hawa ya yi wa mai tafiya a ƙasa, mai tafiya ya yi wa na zaune, kaɗan su yi wa masu yawa, a wata ruwayar kuma ƙarami ya yi wa babba. Saboda haka kada ka tsaya shiru kana jiran a tanka maka. Daga kamar taku huɗu ko biyar ka ce "Salamu alaikum" da muryar da kowa zai ji, kana tsaye, hannuwanka a sake, kanka a ɗan sunkuye. Wannan sallamar ta jama'a ce baki ɗaya, ba ta buƙatar hannu. Kuskuren da yara suka fi yi a nan shi ne su taho da hannu a miƙe tun daga nesa kamar masu karɓar bashi, abin da yake tilasta wa babba ya karɓa ko ya kunyata su.

3. Ka rage tsawo

Bayan an amsa, ka cire takalmi, ka nufi babban kai tsaye ba tare da ka tsallake ƙafar kowa ba, ka tsaya kamar taku biyu daga gare shi. Ma'aunin da za ka riƙe shi ne kada kanka ya yi wa nasa rumfa. Idan yana tsaye, rusunawa kaɗan ta isa, wato ka sassauta gwiwa ka sunkuyar da kai. Idan yana kan kujera, ka rusuna sosai ko ka tsuguna. Idan a ƙasa yake zaune, ka tsuguna a kan dugaduganka, ko ka kai gwiwa ɗaya ƙasa, ko ma ka zauna gaba ɗaya ka tanƙwashe ƙafa sannan ka fara "Ina wuni".

A nan ne ake samun saɓani, kuma gara ka san tushensa. Tirmizi ya ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa wani mutum ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko mutum zai sunkuya wa ɗan'uwansa idan sun haɗu, ya ce a'a, da ya tambaya ko zai kama hannunsa ya yi musafaha, ya ce e. Da wannan ne malamai da dama, musamman na ƙungiyar Izala wadda aka kafa a Jos a 1978, suke hana durƙuso da sunkuyo a gaisuwa. Wasu dattawan kuma, da gidajen sarauta da zawiyoyin ɗariƙa, suna ɗaukar tsugunawa a matsayin ladabi na al'ada wanda bai shafi bauta ba. Ba kai za ka raba wannan gardama a bakin rumfa ba. Abin da na ga yana fitar da yaro a wurin kowane ɓangare shi ne zama: wanda ya zauna a ƙasa kusa da babba ya rage tsawo, kuma ba wanda zai ce ya yi ruku'u. Abin da za ka guje wa a ko'ina shi ne lanƙwasa baya daga ƙugu har ya yi kama da ruku'u, da kai goshi kusa da ƙasa. Idan kuwa ka tsuguna aka ce maka "Tashi, tashi, ba a durƙusa wa kowa sai Allah", ka tashi nan take ba tare da bayani ba, ka riƙe hakan don zuwa na gaba.

4. Ka jira hannu, naka yana ƙirji

Wannan shi ne matakin da ya fi muhimmanci. Yayin da kake cewa "Ranka ya daɗe, ina wuni", ka ɗora tafin hannun dama a ƙirji, wajen tsakiya ko ɗan hagu, yatsu a haɗe. Dafa ƙirji gaisuwa ce cikakkiya da kanta, kuma daga nan hannun yana iya tafiya duk inda aka kira shi. Idanunka su sauka wajen haɓarsa ko ƙirjinsa, inda za ka ga motsin hannunsa ba tare da ka zuba masa ido ba.

Abu uku ne za su iya faruwa. Idan ya miƙo hannu, ka karɓa da sauri da hannu biyu: dama ta kama tafinsa, hagu kuma ta tallafi wuyan hannunka na dama ko ta rufa bayan nasa. Kada ka matse, kada ka girgiza. Musafahar Hausawa taɓawa ce mai laushi wadda takan daɗe, ba gwajin ƙarfi ba ce, kuma tsofaffi da yawa suna fama da ciwon gaɓoɓi ko suna sanye da zoben azurfa da yake cizo idan an matsa. Shi ne zai fara saki. Da ya saki, ka mayar da hannun ƙirji. Wani dattijon zai sake miƙowa a gaisuwa ta biyu da ta uku, a taɓa a koma ƙirji, a taɓa a koma ƙirji, sai ka bi shi a haka har ya tsaya.

Idan bai miƙo ba, ya amsa da baki yana gyaɗa kai, to ba wulaƙanci ba ne. Hannunka ya zauna a ƙirji, gaisuwa ta ci gaba. Haka ake yi da suruki, wanda tsakaninka da shi akwai kunya, har ma gara ka ƙara nisa ka tsuguna daga bakin shimfiɗa. Idan kuwa mai sarauta ne, kamar Sarkin Hausawan wata unguwa yana zaune da mutanensa, sai ka yi jinjina: ka dunƙule hannun dama, ka ɗaga shi daidai kafaɗa ko kai, babban yatsa yana sama, hagu tana tallafe da gwiwar hannun, kana cewa "Allah ya ja zamanin Sarki". Sau da yawa ba shi zai amsa ba, na kusa da shi ne za su ce "Sarki ya gaishe ka". Ba a miƙa wa sarki hannu sai shi ya miƙo. A lura kuma, jinjina ta fada ce da wurin masu sarauta. Na sha ganin yara suna yi wa jami'i a ofis ko Bayarabe mai gidan haya, shi kuwa bai san ta ba, yana iya ɗaukar dunƙulen hannu da wata manufa daban.

5. Jiki ya bi baki har gaisuwa ta ƙare

Gaisuwarmu doguwa ce, kuma kowace tambaya tana da motsinta. Idan kai kake tambaya, "An wuni lafiya?", "Ya iyali?", "Ya kasuwa?", kanka yana ɗan sauka a ƙarshen kowace. Idan shi yake tambaya, "Ya ka baro mutanen gida?", ka amsa "Lafiya lau, suna gaishe ku" tare da ɗan buga ƙirji sau ɗaya a hankali. Idan ya yi maka addu'a, ka ce "Amin" ka sunkuyar da kai, idan addu'ar ta yi tsawo ka buɗe tafuka ka shafa tare da jama'a. Kada ka miƙe tsaye alhali yana cikin tambaya, kada kuma ka waiwaya ka gaida wani. Alamar an gama ita ce ya ce "Madalla" ko "To, sannu da zuwa", ko ya nuna maka wurin zama. Saƙon da ka zo da shi sai bayan wannan.

A zaman ta'aziyya ana taƙaita komai. Ka yi musafaha da masu rashi idan sun miƙo, ka ce "Ya haƙuri?", ka zauna a yi addu'a, ba fara'a mai yawa, ba jinjina, ba tambayar kasuwa.

6. Sauran jama'a, daga dama

Bayan babba, ka bi sauran ta hannun damanka ɗaya bayan ɗaya. Sa'o'inka da waɗanda suka girme ka kaɗan kana iya fara miƙa musu hannu, hannu ɗaya ya isa, a taɓa a kai ƙirji. Idan ka fara zagaye to ka gama shi, domin tsallake mutum ɗaya a tsakiyar layi ya fi rashin farawa muni, kuma wanda aka tsallake ba ya mantawa. Idan mutanen sun fi goma sha biyar, ko wurin ya yi matsi, kada ka fara. Ka ɗaga hannu biyu daidai ƙirji, ka juya dama da hagu kana cewa "Sannunku, ina wuninku", sannan ka dafa ƙirji ka zauna.

Wanda hannunsa yake da aiki zai ba ka wuyan hannu ko damtse. Za ka ga haka kullum wurin mahauta a mayankar Oko-Oba da ke Agege, da wurin masu suya da makanikai. Ka taɓa wurin da ya ba ka da tafinka kamar yadda za ka yi da hannu, kada ka nuna ƙyama. Kai ma idan naka ne ya ɓaci haka za ka yi, kana cewa "A yi haƙuri, hannun ba kyau". Hagu dai ba ta shiga gaisuwa ita kaɗai, ko a wurin Hausawa ko a wurin Yarabawa. Wanda damarsa take da rauni ya dafa ƙirji ya faɗi dalili.

7. Mata, da waɗanda ba Hausawa ba

Tsakanin namiji da macen da ba muharramarsa ba, abin da aka saba a wurinmu shi ne babu musafaha. Ka tsaya nesa kaɗan, ka rusuna idan ta girme ka, ka dafa ƙirji ka ce "Hajiya, ina wuni". Ke kuma 'yar'uwa, idan dattijo za ki gaida, ki durƙusa ko ki rusuna daga nesa, hannuwanki a cikin mayafi ko a kan gwiwa, ba a jiran hannu daga gare ki. Tsakanin mata, ƙarama takan durƙusa wa babba, babbar kuma ta kamo hannunta ko ta dafa kafaɗarta ta ɗaga ta.

Wahalar tana zuwa ne a ofis ko asibiti ko banki, inda mace za ta miƙo maka hannu da kyakkyawar niyya. Dabarar ita ce ka riga ta: tun kafin ta ɗaga hannu naka ya riga ya isa ƙirji, ka ɗan sunkuyar da kai da sakin fuska, ka yi gaisuwar da baki sosai. Mafi yawan mutanen Legas sun san wannan alama. Tun cutar Ebola da ta shigo garin a watan Yulin 2014, da korona wadda aka fara tabbatar da ita a Nijeriya a nan Legas ranar 27 ga Fabrairun 2020, gaisuwa ba tare da taɓa hannu ba ta daina zama baƙon abu. Idan ta riga ka miƙowa, kada ka ja da baya kamar ka ga wuta, kada kuma ka ɗaure fuska. Ka dafa ƙirji da hannu biyu, ka rusuna fiye da yadda ka yi niyya, ka ce addininka ne ya hana, cikin kalma biyu ko uku.

Yarabawa kuwa suna da tasu ƙa'idar mai ƙarfi. Namiji yakan kwanta rub da ciki a gaban babba, abin da suke kira dobale, mace kuma ta durƙusa a kan gwiwa biyu. A cikin gari an taƙaita shi, sai ka ga saurayi ya sunkuya ya kai hannu ɗaya wajen ƙasa, budurwa kuma ta ɗan karya gwiwa. Ba a sa ran Bahaushe ya yi dobale, ni ma ba na ba da shawarar a gwada. Amma dattijon Bayarabe yana lura da abu biyu: ko ka rage tsawo, da ko ka riga shi miƙa hannu. Fara miƙa wa babba hannu rashin kunya ne a wurinsu kamar yadda yake a wurinmu. Ka rusuna, ka kira shi Baba, ita kuma Mama ko Alhaja, idan ya miƙo ka karɓa da hannu biyu. Abokan ciniki Ibo sun fi sakin hannu, musafaharsu tana da ƙarfi, samari kuma sukan ƙare ta da ƙyasta yatsa. Wannan ta tsakanin sa'o'i ce, kada ka kai ta gaban manya.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ce an aiki saurayi ɗan shekara ashirin da wasiƙa wurin wani Alhaji dillalin shanu a Agege, bayan la'asar. Ya tarar da mutum bakwai. Alhajin yana kan kujerar roba, limamin unguwa yana kan darduma a damansa, mutum uku sa'o'in yayyen saurayin suna kan tabarma, wani mahauci yana tsaye da jini a hannu, ga kuma wata Alhaja Bayarabiya mai sayen nama a kan benci.

Daga bakin rumfa ya mayar da wasiƙar hannun hagu, ya yi sallama, aka amsa. Ya cire takalmi a inda ya ga na sauran. Yanzu ga tambaya: wa zai fara gaidawa, Alhajin da aka aike shi wurinsa ko liman? Ya duba ya ga Alhajin da kansa yana karkata wajen liman idan zai yi magana, saboda haka ya fara da liman. Da yake liman a ƙasa yake, kuma yaron bai san ra'ayinsa game da durƙuso ba, sai ya zauna a gefen tabarma, hannu a ƙirji, ya ce "Allah gafarta Malam, ina wuni". Liman ya miƙo hannu, ya karɓa da biyu, ya mayar ƙirji. Daga zaunen ya juya wajen Alhaji, "Ranka ya daɗe, ina wuni". Alhaji bai miƙo ba, ya amsa yana jan carbi, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, yaron yana amsawa hannunsa bai bar ƙirji ba. Da aka ce "Madalla", ya miƙa wa mutum ukun hannu daga dama, ya tashi ya taɓa damtsen da mahauci ya ba shi, sannan ya fuskanci Alhaja daga taku uku, ya rusuna ya ce "Mama, sannu". Ita ce ta biyu ko ta uku a shekaru a wurin, don haka da ya gaishe ta kafin samarin ma da ya fi kyau, kuma wanda ya yi hakan ba za a ga laifinsa ba. Bayan ya koma ya zauna ne ya mayar da wasiƙar hannun dama, hagu tana tallafe, ya miƙa.

8. Idan an yi kuskure, da lokacin tafiya

Idan ka miƙa hannu ba a karɓa ba, kada ka bar shi a iska, kada kuma ka sake turawa. Ka wuce da shi ƙirji kai tsaye kamar can ya nufa, ka ci gaba da magana. Idan babba ya miƙo kai kuma ba ka gani ba sai da ya fara janyewa, ka matsa da sauri da hannu biyu kana cewa "A gafarce ni, Baba". Idan ka gane daga baya cewa ka tsallake wani dattijo, ka tashi ka je gabansa ka yi masa tasa gaisuwar cikakkiya, ba daga inda kake zaune ba.

Tafiya ba ta kai zuwa tsawo ba. Ka jira a sallame ka, ko ka nemi izini da "Zan koma, ranka ya daɗe". Ka sake rusunawa ko jinjina gwargwadon yadda ka yi da farko, ka karɓi saƙon gaisuwa da "Za su ji", ka ja da baya taku biyu ko uku kafin ka juya. Ba sai ka sake zagaya kowa da hannu ba, ɗaga hannu da "Sai an jima" ya wadatar wa sauran. Takalmi kuwa ka ja shi gefe ka sa, kada ka tsaya a gaban shimfiɗa ka ba manya baya kana neman wari ɗaya.